Daga Injamena Zuwa Dakar: Yadda Kotun Wata Ƙasa Ke Hukunta Laifin da Aka Aikata a Wata

Ranar 30 ga watan Mayu na shekarar 2016, wata kotu a birnin Dakar ta yanke wa Hissène Habré, tsohon shugaban ƙasar Chadi, hukuncin ɗaurin rai da rai. Laifukan da aka kama shi da su duk a Chadi aka aikata su. Shi ɗan Chadi ne, yawancin waɗanda aka azabtar 'yan Chadi ne, kuma Senegal ba ta taɓa yaƙi da Chadi ba, ko iyaka ba su haɗa ba. Tambayar da kowa zai yi ita ce: da wane hurumi alƙalan Dakar suka zauna a kan wannan magana? Amsar ita ce wata ƙa'ida da masana doka ke kira hurumin gama-duniya. Kusan kowace ƙasa ta yarda da ita a baki, amma da zarar an zo maganar iyakarta sai kawuna su rabu. Shari'ar Habré ta ɗauki shekara goma sha shida kafin a kai ga hukunci, kuma kusan duk wata gardama da ƙasashe ke yi a kan wannan ƙa'ida sai da ta taso a cikinta.

Yadda hurumi yake a al'ada

Bisa al'ada, kotun ƙasa tana sauraren ƙarar laifi ne idan akwai igiyar da ta ɗaure laifin da ƙasar. Mafi ƙarfin igiya ita ce wurin da aka aikata laifin: wanda ya yi kisa a Maraɗi, kotun Nijar ce za ta yi masa shari'a ko daga ina ya fito. Wasu ƙasashe suna bin ɗan ƙasarsu da shari'a idan ya yi laifi a waje, wasu kuma suna shiga maganar idan ɗan ƙasarsu ne aka cuta. Akwai kuma laifin da ya taɓa tsaron ƙasa ko kuɗinta, kamar buga jabun takardun kuɗi, ko da a wata ƙasa aka yi shi.

Hurumin gama-duniya ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hujjarsa ita ce nau'in laifin kansa. Ya faro ne daga fashin teku, domin tsakiyar teku ba ta kowa ba ce, saboda haka aka yarda duk ƙasar da ta kama ɗan fashin teku tana da ikon hukunta shi. Bayan yaƙin duniya na biyu sai aka faɗaɗa tunanin. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 sun wajabta wa kowace ƙasa ta nemo wanda ya aikata manyan laifukan yaƙi ta gurfanar da shi, ko ɗan wace ƙasa ne, ko kuwa ta miƙa shi ga wata ƙasar da za ta yi. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1984, ta ce idan wanda ake zargi da azabtar da mutane yana cikin ƙasarka, zaɓinka biyu ne: ka miƙa maganarsa ga masu gabatar da ƙara naka, ko ka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da ta nemi yi masa shari'a.

Dalilin wannan a fili yake. Irin waɗannan laifuka galibi masu mulki ne ke aikata su, da kayan gwamnati da jami'an gwamnati. Idan aka ce sai kotun ƙasarsu kaɗai, to an bar shari'a a hannun wanda ake tuhuma ko magajinsa.

A nan ya kamata a bambance wannan da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague, wadda mutane ke yawan haɗa su. Waccan kotu ce guda da ƙasashe suka kafa, kuma ba ta da iko a kan abin da ya faru kafin watan Yulin 2002. Hurumin gama-duniya kuwa aikin kotunan cikin gida ne, da 'yan sandansu da gidajen yarinsu. Laifukan zamanin Habré sun girmi kotun Hague, don haka ƙofarta a rufe take tun farko.

Abin da ya faru a Chadi

Habré ya mulki Chadi daga 1982 zuwa Disambar 1990, lokacin da Idriss Déby ya kifar da shi, ya gudu ya zauna a Senegal. Makaminsa shi ne hukumar 'yan sandan ciki da ake kira DDS, wadda take kai rahoto gare shi kai tsaye. An farauci mutanen kudu a 1984, sai Hadjarai a 1987, sannan Zaghawa a 1989. A Injamena akwai wani wurin wanka na zamanin Turawa da aka yi wa rufin kankare aka tsaga shi ƙananan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, aka mayar da shi kurkuku. Fursunoni sun ba da shaidar yadda ake cusa su a ciki cikin zafin bazara, wani ya mutu a bar gawarsa tare da masu rai. Kwamitin binciken da gwamnatin Chadi ta kafa ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan dubu arba'in.

Cikin waɗanda suka fito da rai akwai Souleymane Guengueng, akanta a Hukumar Kula da Tafkin Chadi, wadda Nijeriya da Nijar ke cikinta. Bayan fitowarsa sai ya riƙa bin waɗanda suka tsira da dangin waɗanda suka mutu yana rubuta bayanansu, har ya tara kusan ɗari takwas, ya ɓoye su, domin jami'an DDS da yawa suna nan a kan muƙamai. Abin da ya buɗe musu ido shi ne kama Augusto Pinochet, tsohon shugaban Chile, a Landan cikin Oktoban 1998, bisa sammacin wani alƙalin Sifaniya. Duk da cewa a ƙarshe Birtaniya ta sallame shi saboda rashin lafiya, kotun ƙolinta ta riga ta ce tsohon shugaban ƙasa ba shi da rigar kariya daga tuhumar azabtarwa.

Gardama ta farko: sa hannu ba ya isa

A Janairun 2000 'yan Chadi suka shigar da ƙara a Dakar. A watan Fabrairu alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habré, ya sa aka yi masa ɗaurin talala. Murnar ba ta daɗe ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhumar, kuma a Maris na 2001 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hakan. Hujjarsu ita ce, ko da yake Senegal ta amince da yarjejeniyar hana azabtarwa tun 1986, majalisarta ba ta gyara dokar shari'ar laifuka ta cikin gida ta ba alƙalai ikon sauraren azabtarwar da baƙo ya yi a waje ba.

Wannan shi ne ramin da ƙararraki da yawa ke faɗawa. Shugaban ƙasa zai je taro ya sa hannu, amma alƙali da dokar da majalisarsa ta yi yake aiki. Duk mai son sanin ko ƙasarsa da gaske take, sai ya duba ko dokokinta sun ambaci laifin da sunansa, sun faɗi hukuncinsa, sun kuma ce kotu tana da iko ko da a waje aka aikata shi.

Gardama ta biyu: sai yana hannu, ko ko'ina yake?

Da ƙofar Dakar ta rufu, sai masu ƙara suka nufi Beljiyam. Wannan ƙasa ta yi doka a 1993, ta faɗaɗa ta a 1999, wadda ta ba kotunanta iko a kan laifukan yaƙi da kisan ƙare dangi da cin zarafin bil'adama a ko'ina a duniya. Ba sai wanda ake zargi yana Beljiyam ba, kuma mutum zai iya shigar da ƙara da kansa wajen alƙali mai bincike. Alƙali Daniel Fransen ya je Chadi a 2002, ya shiga tsoffin gidajen yari, ya ziyarci kaburbura, ya kwafi takardun DDS. Waɗannan takardu an same su ne a 2001, a warwatse a ƙasa cikin ƙura a tsohon ofishin hukumar, kuma a cikinsu an ƙirga sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da wasu 12,321 da aka azabtar ko aka tsare. A Satumban 2005 Fransen ya fitar da sammacin kama Habré.

A kan wannan faɗin iko ne ƙasashe suka fi saɓawa. Ɓangare ɗaya na cewa hurumin yana aiki ne kawai idan mai laifin ya shigo ƙasarka, domin manufarsa kada ka zama mafakarsa. Ɗaya ɓangaren na cewa idan sai ya shigo za a fara bincike, to zai iya zuwa asibiti ko taro na kwana uku ya fice kafin a haɗa takardu, don haka a bar alƙali ya fara bincike ya fitar da sammaci tun yana waje. Masu adawa da wannan suna cewa idan kowace ƙasa ta ɗauki wannan iko, alƙalai ɗari za su iya bin mutum ɗaya, kuma ƙara za ta zama makamin siyasa. Su kansu alƙalan Kotun Duniya sun rabu a kai a 2002: shugaban kotun na lokacin, Gilbert Guillaume, ya ce dokar ƙasa da ƙasa ba ta san wannan iko a bayan idon wanda ake zargi ba, wasu alƙalai uku kuma suka ce ba ta haramta shi ba muddin an kiyaye wasu sharuɗɗa.

Abin da ya sami dokar Beljiyam ya nuna inda gizo ke saƙa. A 2001 an yi amfani da ita an ɗaure 'yan Ruwanda huɗu da ke zaune a ƙasar saboda kisan ƙare dangi na 1994, ba wanda ya tayar da jijiyar wuya. Amma da aka shigar da ƙarar Ariel Sharon na Isra'ila, sannan a 2003 aka shigar da ta tsohon shugaban Amurka George Bush babba da ta Janar Tommy Franks, sai sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya yi barazanar hana kuɗin gina sabuwar hedikwatar ƙungiyar NATO a Brussels. A watan Agustan wannan shekarar aka soke dokar, aka maye gurbinta da mai ƙunci. Ƙarar Habré ta tsira ne saboda an riga an yi nisa da bincike, kuma wasu masu ƙarar sun zama 'yan Beljiyam. Haka Sifaniya ta taƙaita tata dokar a 2014, bayan wata kotunta ta ba da umarnin kama tsohon shugaban China, Jiang Zemin, a kan batun Tibet.

Gardama ta uku: rigar kariya

Shari'ar nan ta 2002 da alƙalai suka rabu a cikinta tsakanin Kwango Kinshasa da Beljiyam aka yi ta. Beljiyam ta fitar da sammacin kama Abdoulaye Yerodia Ndombasi yana ministan harkokin wajen Kwango. Kotun Duniya ta ce a soke sammacin, domin minista irinsa yana da cikakkiyar kariya daga kotunan wasu ƙasashe muddin yana kan kujera, kome munin abin da ake zarginsa da shi. Dalilin shi ne ƙasashe ba za su iya hulɗa da juna ba idan shugabanninsu na tsoron a kama su a filin jirgi.

Bayan mutum ya sauka fa? A nan ne ba a daidaita ba. Wasu ƙasashe na cewa abin da jami'i ya yi da sunan gwamnati aikin gwamnati ne har abada, kotun wata ƙasa ba ta da ta cewa a kai. Wasu na cewa azabtarwa da kisan ƙare dangi ba sa shiga cikin ayyukan da kariya ta rufe. A maganar Habré an huta da wannan, domin gwamnatin Chadi ta rubuta a 2002 cewa ba shi da wata kariya. Duk da haka, a Nuwamban 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta Dakar ta ce ba ta da hurumin yanke hukunci a kan tasa ƙeyar tsohon shugaban ƙasa zuwa Beljiyam.

Gardama ta huɗu: wa ke hukunta wa?

Daga nan Senegal ta miƙa maganar ga Tarayyar Afirka. Shugabanni da yawa ba su so a ga tsohon shugaban Afirka a gaban alƙalan ƙasar da ta yi wa Kwango mulkin mallaka ba. A taron Banjul na Yulin 2006 suka ba Senegal umarnin ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Shekara biyu bayan haka, a taron Sharm el-Sheikh, ƙungiyar ta yi ƙorafin cewa alƙalan Turai na amfani da wannan hurumi ba daidai ba a kan jami'an Afirka, a shekarar da wani alƙalin Sifaniya ya tuhumi hafsoshin sojan Ruwanda arba'in. Ƙasashen Afirka ne suka kai batun zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009, kuma tun daga lokacin ake tattauna shi ba tare da an amince da ma'ana guda ba.

Ƙorafin yana da tushe. Amurka da Faransa sun goyi bayan Habré da makamai da kuɗi saboda yana yaƙar Gaddafi, kuma Ronald Reagan ya karɓe shi a fadarsa a 1987. Ba wanda ya gurfanar da waɗannan masu goyon baya. Amma maganar ƙin shisshigi ta zama mafakar jinkiri. Senegal ta gyara dokokinta a 2007 da tsarin mulkinta a 2008, sai Shugaba Abdoulaye Wade ya ce sai an ba shi Yuro miliyan 27 kafin a fara. Lauyoyin Habré suka garzaya kotun ECOWAS da ke Abuja suna cewa ba a yi wa mutum shari'a da dokar da aka yi bayan laifinsa. A Nuwamban 2010 kotun ta ce sai dai a kafa masa kotu ta musamman mai siffar ƙasa da ƙasa. Ana ta wannan kai-komo, shaidu suna ta rasuwa.

Hukuncin da ya warware ƙullin

Beljiyam ta kai Senegal ƙara Kotun Duniya a 2009, aka yanke hukunci ranar 20 ga Yulin 2012. Kotun ta ce Senegal ta saɓa yarjejeniyar hana azabtarwa, kuma dole ta gurfanar da Habré ba tare da ɓata lokaci ba, ko ta miƙa shi. Ta ce rashin kuɗi ba uzuri ba ne, miƙa maganar ga Tarayyar Afirka ba uzuri ba ne, gurguwar dokar cikin gida ma haka. Ta kuma ce duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar tana da 'yancin neman a cika ta, ko da ba ɗan ƙasarta aka cuta ba.

Sai dai a lura da iyakar hukuncin. A kan azabtarwa kaɗai ya tsaya, saboda ita ce ke da rubutacciyar yarjejeniya, kuma wajibcin ya shafi abin da ya faru ne daga Yunin 1987, lokacin da yarjejeniyar ta fara aiki a kan Senegal. Kotun ba ta yanke ko akwai irin wannan wajibci a kan laifukan cin zarafin bil'adama ba. Ita kuwa yarjejeniyar kisan ƙare dangi ta 1948, kotun ƙasar da aka yi laifin da kotun ƙasa da ƙasa kawai ta ambata. Shi ya sa jerin laifukan da wannan hurumi ya ƙunsa yake bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: inda yarjejeniya ta yi magana dalla-dalla gardama kaɗan ce, inda aka dogara da al'adar ƙasashe kowa da fassararsa.

A wannan shekarar Macky Sall ya hau mulki, Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa sashe na musamman a cikin kotunan Senegal. An kama Habré a ƙarshen Yunin 2013, aka fara shari'a a Yulin 2015 ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso. Habré ya ƙi amincewa da kotun, sai da jami'an tsaro suka ɗauko shi cak suka shigo da shi. Ya zauna cikin farin rawani da baƙin tabarau, bai amsa tambaya ko ɗaya ba, kotu ta naɗa masa lauyoyi. Shaidu 93 suka yi magana, cikinsu har da matan da suka faɗi yadda aka kai su sansanin soja a hamadar arewa aka mayar da su bayi ana yi musu fyaɗe. A Afrilun 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ɗaurin rai da rai, ko da yake ta cire tuhuma ɗaya ta fyaɗen da aka ce shi da kansa ya yi, saboda ba ta cikin takardar tuhuma ta asali.

Abin da ya samu da abin da bai samu ba

Shari'ar ta yiwu ne saboda abubuwa sun haɗu. Wanda ake tuhuma yana hannun ƙasar da ke shari'ar, ya sauka daga mulki, ƙasarsa ta janye masa kariya, takardun hukumarsa suna nan, kuma waɗanda aka zalunta ba su gaji ba, duk da cewa lauyarsu Jacqueline Moudeïna ta ji mummunan rauni a 2001 da aka jefa gurneti a wata zanga-zanga a Injamena. Shari'o'in da suka yi nasara daga baya ma wannan siffa suke da ita. A 2022 kotun Koblenz ta Jamus ta ɗaure Anwar Raslan, tsohon jami'in leƙen asirin Siriya da ke zaune a ƙasar, rai da rai. A 2024 kotun Suwizalan ta ɗaure Ousman Sonko, tsohon ministan cikin gidan Gambiya wanda ya je can neman mafaka, shekara ashirin.

Giɓin ma a bayyane yake. Habré kaɗai aka gurfanar a Dakar, domin Chadi ta ƙi miƙa wasu da kotun ta nema, kuma Déby, wanda ya taɓa zama babban hafsan sojan Habré, ba a taɓa shi ba. Kotun ta ba da umarnin biyan diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, amma Habré ya mutu a Dakar a Agustan 2021 ba a biya su ba.

Wanda ya ce wannan hurumi yana kama marasa ƙarfi yana barin masu ƙarfi ya faɗi gaskiya, kuma abin da ya sami dokokin Beljiyam da Sifaniya shaida ne. Amma soke shi ba zai kai mai ƙarfi kotu ba, sai dai ya ƙara wa azzalumai mafaka, kuma waɗanda za su yi asara su ne irin mutanen Guengueng. Maganin rashin daidaito shi ne ƙasashen Afirka su riƙe wannan iko da hannunsu. Tarayyar Afirka ta fitar da samfurin doka a kan hurumin gama-duniya tun 2012 don ƙasashe su ɗauka. Abin da ya rage shi ne majalisu su shigar da laifukan cikin dokokinsu, a horar da masu bincike, a kare shaidu, a ware kuɗin shari'a da na diyya tun kafin a fara. Ƙasar da ta yi haka tana da bakin cewa alƙalan Turai su tsaya, domin za ta iya nuna kotun da za ta yi aikin a madadinsu.